Baba Ya Gama Ɗinki, Saura Rubutu: Shawarwari 12 Kan Bayanin Takalmin Fata

A gidan baduku yanzu aiki ya rabu biyu. Maigida yana zaure da basilla da fata, ɗansa ko 'yarsa na cikin gida da waya, ana ɗaukar hoton takalmi ana sakawa a WhatsApp ko Facebook. Ɗinkin ba shi da matsala. Inda ake tuntuɓe shi ne 'yan layukan nan da ke ƙarƙashin hoton. Wani ya rubuta "Akwai takalma masu kyau, sai kun zo", ya yi shiru. Wani kuma ya kwaso tarihin gida tun daga kakan kaka, har mai saye ya gaji ya wuce bai ga kuɗin ba.

Ni na yi duka biyun. Na daɗe ina rubuta wa wani baduku maƙwabcinmu a Achilafiya bayanin takalmansa, muna neman masu saye daga Karkarna da Kazaure har Babura da Kano. Ga irin abin da na fara rubutawa, ku yi dariya ku more:

"Assalamu alaikum jama'a. Wannan bawan Allah ya gaji sana'ar dukanci tun iyaye da kakanni, mutum ne mai haƙuri da riƙon amana, ya sha wahalar rayuwa amma bai taɓa barin sana'arsa ba, kuma kamar yadda kowa ya sani ƙasar Hausa ta shahara da fata tun zamanin da, don haka muna kira ga jama'a da su taimaka su sayi kayan gida masu inganci da rahusa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ku duba: ba a ce ga irin takalmin ba, ba a ce fatar mece ce ba, babu lamba, babu kuɗi, kuma duk wani baduku daga Daura zuwa Sakkwato zai iya ɗaukar rubutun ya manna a ƙarƙashin nasa hoton. Ga abin da na koya tun daga lokacin.

1. Ku zauna a zaure kafin ku taɓa waya.
Labarin yana bakin mai ɗinki, kuma ba ya fitowa idan kun ce masa "Baba, ba mu tarihinka", don nan take zai gyara zama ya koma yi muku wa'azi kan muhimmancin sana'a. Ku same shi yana tsakiyar aiki, ku ɗauki takalmin ku yi masa tambayoyi uku: wa ya koya maka wannan ɗinkin, me kake yi wa takalminka da na kasuwa ba sa yi, kuma wane gyara aka fi dawo maka da shi har ka canza yadda kake yi? Ku kunna rikodin waya da saninsa, don kalmomin da zai faɗa da bakinsa sun fi duk wanda za ku ƙirƙira daɗi, kuma minti goma ya isa.

2. Layin farko na takalmin ne, ba na mai ɗinki ba.
Waya takan nuna layi biyu ko uku ne na rubutu ta ɓoye sauran, sai wanda ya ga dama ya danna ya buɗe, saboda haka abin da kuka sa a sama shi ne kawai mafi yawan mutane za su gani. Ku sa suna da fata da launi da wanda zai sa: "Fade na maza, fatar akuya ja, ɗinkin hannu." Sallama da gaisuwa ku ajiye su sai mai saye ya yi magana, ba rashin ladabi ba ne, ai ko a kasuwa kaya ake fara bajewa kafin a gaisa da mai taya.

3. Labari ɗaya tak, kuma wanda za a iya nunawa da yatsa a jikin takalmin.
Wannan ita ce shawarar da ta fi sauran, in kun manta komai ku riƙe ta. Duk jimlar da kuka rubuta kan mai ɗinki, ku tambayi kanku: a ina wannan maganar ta fito a jikin takalmin? In kun iya ɗora yatsa a wurin, jimlar ta zauna. In ba ku iya ba, ta tafi, ko da kuwa gaskiya ce mai daɗin ji.

Ga yadda abin ya kasance da maƙwabcina. A hirarmu ya faɗi abubuwa da yawa: aurensa, shekarun da ya yi ci-rani, rasuwar mahaifinsa, tsadar fata. Can wajen ƙarshe, kamar ba komai ba, ya ce lokacin da yake yaro aikinsa a rumfar mahaifinsa shi ne gyaran takalman da hancinsu ya tsinke, har ya tsani aikin. Da ya fara ɗinka nasa sai ya riƙa ninka fatar hancin biyu, ya zura ta har ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ya ɗinke, maimakon ya dogara da gam. To wannan shi ne labarin. Yana da yaro, yana da uba, yana da rumfa, kuma mai saye zai iya juya takalmin ya ga ɗinkin da idonsa. Ci-rani da aure ba su bar alama a jikin fata ba, sai muka bar su a zaure.

4. Ku kira fatar da sunanta, kuma ku guji kalmar "leda".
Masu son burgewa kan ɗauko kalmar Turanci su rubuta ta da Hausa ta koma "leda", alhali a kunnen Bahaushe leda ita ce ta zuba kayan miya ko robar nan mai kama da fata, wato kun rushe kayanku da hannunku. Ku rubuta "fata zalla", sannan ku faɗi ta wace dabba ce kuma a wane ɓangare take: fatar akuya a sama don laushi da ƙarfi, ƙirgin saniya a shimfiɗa don kauri, taya ko roba a ƙasa in da su aka yi. Kada ku ɓoye tayar, mutanen Roni da Gwiwa masu taka duwatsu da tsakuwa ita suke nema ma, kuma wanda ya ji "fata zalla" sannan ya juya ya ga roba ba a gaya masa ba, ba zai sake yarda da sauran maganarku ba.

5. Sunan kayan aiki ya fi yabo aiki.
"Mai inganci", "na zamani", "ba irinsa", duk an gama cinye su, har mai sayar da silifa haka yake cewa. Amma in kun ce an jeme fatar da bagaruwa, an rina jan da karan dafi, an murza ta da man gyaɗa har ta yi laushi, kun ba mai karatu abin da zai gani ya kuma ji ƙanshinsa, kuma dattijon da ya san jima zai gane ba da wasa kuka zo ba. Sai dai ku tambaya tukuna, don dukawa da yawa yanzu fatar kamfani suke sarowa a Ƙofar Wambai a Kano, rinin kuma na gwangwani ne. In haka ne ku rubuta "fatar Kano, ɗinkin Achilafiya", wannan ma abin alfahari ne kuma ba wanda zai kama ku da ƙarya.

A lura kuma, majemi daban baduku daban. In ba maigida ne ya jeme fatar ba, kada ku rubuta kamar shi ya yi komai daga yanka zuwa ɗinki.

6. Tarihin ƙasar Hausa, layi ɗaya ko babu.
Na san jarabar, don tarihin akwai shi kuma mai daɗi ne: tun ƙarni na 16 Leo Africanus ya rubuta cewa ana kai takalman Gobir har Tumbutu da Gao, Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya lissafa takalma cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Amma duk wannan na kowa ne, baduku na Zariya da na Damagaram suna da haƙƙi a kansa daidai da ku, don haka ba ya bambanta takalminku da na kowa. Ku ajiye shi don baƙon da ke nesa, irin mai saye daga Legas ko Abuja da bai san ƙasar ba, shi ma jimla ɗaya a ƙasa, kuma sai in da gaske fatar jar akuya ce. Ɗan Kazaure kuwa ba Barth ya zo nema ba, takalmin Sallah yake so.

7. Inda lamba za ta shiga, kada ku sa "da daɗewa".
"Ya daɗe yana sana'ar" ba ta zama a kai, amma "ya fara riƙe basilla yana ɗan shekara 12" tana zama, haka ma "ƙafa biyu yake gamawa a yini" ta fi "ana yin sa a tsanake" bayyana dalilin kuɗin. Lamba ɗaya ko biyu sun isa cikin labarin, in sun yi yawa ya koma rasit. In Baba bai riƙe shekara ba, kada ku ƙirƙira masa, ku ɗaura ta da abin da ya tuna: mutumin da ya ce ya buɗe rumfarsa shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ya ba ku 1991 ke nan, ba tare da ya sani ba.

8. Kada ku yi bara da sunan talla.
"Ku taimaka wa bawan Allah", "yana da iyali da yawa", "a tallafa wa na gida", waɗannan suna jawo addu'a da alamar tausayi, ba sa jawo ciniki, wanda kuma ya saya don tausayi sau ɗaya zai saya, ya kuma nemi ragi. Maƙwabcina da na karanta masa rubutuna na farko bai ce komai ba sai da na kai "ya sha wahalar rayuwa", nan ya ɗago kai ya ce, "Malam, ni takalmi nake sayarwa." Ku nuna mai ɗinki a matsayin gwanin da ya san abin da mai saye bai sani ba, shi ne mutuncinsa, shi ne kuma abin da ke riƙe farashi.

9. Ku faɗi halin fata tun kafin a gano shi.
Fatar da aka jeme da bagaruwa tana ƙara duhu da rana da gumi, tana ɗan saki bayan kwanaki ana sawa, ba ta son jiƙa, kuma jan rini yakan ɗan taɓa ƙafa ko safa a farkon sawa. In kun yi shiru, mai saye zai kira wannan aibi ya dawo da kaya. In kun faɗa da bakin mai ɗinki, ya zama shawarar gwani, kuma ya shiga cikin labarin ba tare da ƙarin tsawo ba. Jimla ɗaya ta isa: "Baba ya ce in ruwa ya taɓa shi a shanya a inuwa, ban da rana ko bakin murhu, don fatar za ta bushe ta tsage." Masu alwala da takalmi a ƙafa su ne suka fi bukatar jin wannan.

10. Awo da kuɗi da hanyar aikawa su zauna a layinsu daban.
Kada ku cusa su cikin labarin, ku sauko ƙasa ku jera su yadda ido zai kama su nan take, don mutumin da labarin ya riga ya kama ba ya son ya sake tambaya "nawa ne?" ya jira amsa har la'asar. Lambar takalmin hannu ba ta cika daidai da ta kanti ba, 42 na wannan baduku kan zama 43 na wancan, saboda haka ku ƙara da cewa mai saye ya taka farar takarda da yamma, a zagaye ƙafar da biro, a auna daga dunduniya zuwa babban yatsa da tef ɗin tela, ya turo santimita. Ku faɗi ranar da za a gama in oda ce, ku kuma ƙara kwana biyu a kan abin da Baba ya ce idan Sallah ta gabato ko damina ta kankama, kun san dalili.

11. Ku karanta wa mai ɗinki kafin kowa ya gani.
Labarinsa ne, da sunansa, kuma mutanen garinku za su karanta, don haka abin da bai yarda a faɗa a bakin masallaci ba kada ya hau waya. Ku tambaye shi da wane suna yake so a kira shi, ko yana so a nuna fuskarsa ko hannunsa kawai, in kuma mace ce ke yin adon zare ko saƙar saman takalmin a cikin gida, a tambaye ta ita ma ko tana so a ambace ta, kada a haɗiye aikinta cikin "aikin Baba". Wannan karatun yana da wata riba: duk inda kuka yi ƙari zai gyara muku, kamar ranar da na rubuta "ɗinkin hannu gaba ɗaya" maƙwabcina ya nuna mini cewa gefen maɗaurin a keke yake bi, sai muka mayar da shi "an yanka da hannu, an ɗinke ƙasan da basilla".

12. Ku rubuta da yawa, sannan ku sa almakashi.
Rubutun farko ku bar shi ya zuba yadda ya ga dama, sai ku kwana, da safe ku karanta shi da ƙarfi kamar kuna gaya wa wanda ya tsaya a kan babur bai kashe inji ba. Duk inda numfashinku ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ku raba ta. Duk inda kuka ji "kamar yadda kowa ya sani", "bugu da ƙari" ko "a taƙaice dai", ku goge, don alamar kun fara zagaye ce. Ma'aunina shi ne kalma 70 zuwa 90 gaba ɗaya, labarin mai ɗinki kada ya wuce jimla uku a ciki, wato abin da za a karanta cikin rabin minti.

Ga abin da rubutuna na farko ya koma bayan almakashi. Inda na sa Wane ku sa sunan naku, inda na bar ɗigo ku sa kuɗinku:

"Fade na maza, jar fatar akuya, ƙasan taya.
Malam Wane na Achilafiya ya fara dukanci yana ɗan shekara 12, yana gyaran hancin takalman da suka tsinke a rumfar mahaifinsa. Shi ya sa hancin nasa ninki biyu ne, an ɗinke shi har ƙasa, ba gam kaɗai ba. Juya takalmin ka gani.
Fatar tana ƙara duhu da sawa. In ta jiƙa, a shanya a inuwa.
Lamba 40 zuwa 45, ko ka turo awon ƙafarka.
Kuɗi: naira …
Oda: kwana 4. Ana ba direba a tashar Kazaure."

Ku lura da abin da ya fita: haƙuri, amana, wahala, kakanni, ƙasar Hausa. Mahaifin yana nan, amma ya shigo ne ta hancin takalmi. Kalmar "inganci" ba ta fito ko sau ɗaya ba, "juya takalmin ka gani" ta yi aikinta, in dai hoto na biyu na ƙasan takalmin ne, kusa-kusa yadda zaren zai fito. Kada ku rubuta "juya ka gani" sannan ku sa hoton sama kaɗai, na taɓa yi, tambayoyi suka yi mini yawa.

Sauran abin da ya rage daga hirar zaure kada ku zubar. Kowane irin takalmi da nasa ɗan labarin: na mata ya ɗauki zancen wadda ke yi masa ado, na yara ya ɗauki dalilin da ya sa ake ƙara masa maɗaurin dunduniya, na ango ya ɗauki zancen rini. Haka mai bin kayanku zai riƙa sanin Baba kaɗan-kaɗan, ba a ɗora masa shi gaba ɗaya rana guda ba. In kuma kuna sa takalmin a jaka ku aika, ku yanki ɗan kwali ku rubuta jimla biyun nan na hanci da lambar wayar gidanku da biro, ku ɗaura a maɗauri, don wanda aka kai wa tsaraba bai ga abin da kuka sa a waya ba.

Yau da la'asar, in Baba ya zauna aiki, ku ɗauki ƙafa ɗaya ku juya ta, ku tambaye shi me ya sa ya ɗinke nan haka.